Bambancin Inshorar Rai Mai Haɗe da Ajiya da Kuma Raba Inshora da Zuba Jari

Kamfanonin inshora a Nijeriya suna sayar da wani nau'in inshorar rai wanda wakilansu kan gabatar wa jama'a a matsayin hanyar zuba jari, galibi da sunan tanadin karatun yara ko tanadin gobe. Magidanci zai riƙa zuba kuɗi har tsawon wani wa'adi. Idan ya rasu kafin wa'adin ya cika, a biya magadansa, idan kuwa yana raye, a ba shi kuɗi dunƙule. Akwai kuma wata hanyar, watau mutum ya sayi inshorar rai ta wa'adi zalla, wadda ba ta biyan kome sai in an yi rasuwa, sa'an nan ya zuba ragowar kuɗinsa a wani wuri dabam. Ga iyali masu ƙananan yara, sakamakon hanyoyin nan biyu ya sha bamban ƙwarai.

Tushen bambancin shi ne yadda ake kasafta kuɗin da mutum ya zuba. A inshora mai haɗe da ajiya, kuɗin yakan kasu gida uku. Kashi na farko shi ne kuɗin ɗaukar nauyin biyan magada. Kashi na biyu shi ne la'adar wakilin da ya kawo ciniki da kuɗin gudanar da kamfani, kuma wannan kashi ya fi nauyi a shekarun farko. Abin da ya rage shi ne ake juyawa don ya kawo riba. Saboda haka, idan aka ce ajiyar tana samun riba kaza cikin ɗari, sau da yawa a kan wannan ragowa ake nufi, ba a kan dukkan abin da mutum ya fitar daga aljihunsa ba.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da aka ƙaddara domin bayani kawai, tun da yake farashi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, gwargwadon shekarun mutum da lafiyarsa. A ce wani ɗan kasuwa ne mai shekara 30, da mata da 'ya'ya biyu, yana iya ware N600,000 a farkon kowace shekara har shekara 15. Jimlar abin da zai fitar Naira miliyan 9 ke nan.

A hanya ta farko, a ce kamfani ya yi alkawarin biyan magada Naira miliyan 9 idan ya rasu, ya kuma yi hasashen ba shi Naira miliyan 13 idan wa'adi ya cika yana raye. Ƙarin miliyan 4 yana da daɗin ji, amma idan aka baza shi a kan shekara 15, ribar ba ta wuce kimanin kashi 4.5 cikin ɗari a shekara ba.

A hanya ta biyu, a ce ya sayi inshorar wa'adi ta Naira miliyan 20 a kan N120,000 a shekara, ya zuba ragowar N480,000 a asusun zuba jari. Idan asusun ya kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara bayan an cire kuɗin gudanarwa, kuma bai taɓa ribar ba, zai tara kimanin Naira miliyan 16.8. Idan ribar ta tsaya a kashi 7 cikin ɗari, zai tara kimanin miliyan 12.9, watau kunnen doki da hanya ta farko. In ta yi ƙasa da haka, hanya ta farko ce za ta fi yawan kuɗi a ƙarshen wa'adi.

Sai dai babban bambancin yana bayyana ne idan rasuwa ta zo da wuri. A ce magidancin ya rasu a shekara ta uku. A hanya ta farko iyalinsa za su karɓi miliyan 9, wataƙila da ɗan ƙari. A hanya ta biyu za su karɓi miliyan 20, ga kuma Naira miliyan 1.44 da ya riga ya zuba da ribarta. Dalili shi ne inshorar wa'adi ba ta ɗauke da nauyin ajiya, don haka kuɗi kaɗan ke sayen kariya mai yawa. Wannan kuwa shi ne abin da matashin iyali suka fi bukata, domin a lokacin ne yara suke ƙanana, dukiya kuma ba ta taru ba.

Batu na gaba shi ne fita kafin wa'adi. Harkar kasuwa yau samu ne gobe rashi, kuma ɗan kasuwa yana iya kasa ci gaba da zubi. A yawancin irin wannan inshora, wanda ya janye a shekarun farko yakan karɓi ƙasa da abin da ya zuba, wani lokaci ma ba ya samun kome, domin la'ada da kuɗin gudanarwa sun riga sun cinye shi. Wanda ya raba hanyoyinsa kuwa yana iya dakatar da zuba jari ya ci gaba da biyan N120,000 na inshora kawai, abin da ya tara kuma yana nan nasa.

Hauhawar farashin kaya ma abin lura ce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Ko da a ce kashi 15 cikin ɗari ne kawai a shekara, cikin shekara 15 farashi zai ninka fiye da sau takwas, ta yadda miliyan 13 za ta sayi abin da miliyan 1.6 ke saye a yau. Wannan matsala ta shafi hanyoyin biyu, amma mai jari a hannunsa yana iya sauya masa wuri idan riba ta tashi, alhali adadin da aka rubuta a yarjejeniyar inshora ba ya motsi.

Wuraren zuba ragowar kuɗin sun haɗa da takardun lamuni na ajiya na Gwamnatin Tarayya, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayarwa a 2017 daga N5,000, da asusan haɗin gwiwa da hukumar SEC ta yi wa rajista. Masu guje wa kuɗin ruwa suna da sukuk da asusai masu bin tsarin Shari'a, haka kuma akwai takaful a ɓangaren inshora.

Duk da haka, hanya ta biyu tana da nata sharaɗi. Lissafinta yana tsayawa ne kawai idan mutum ya zuba ragowar kuɗin a kowace shekara, bai karkatar da su zuwa sayen haja ko hidimar biki ba. Darajar wasu asusan tana iya faɗuwa, kuma kuɗin inshorar wa'adi ba ya dawowa idan mutum ya rayu. Wanda ya san ba ya iya riƙe kuɗi, tilascin zubi na hanya ta farko yana iya yi masa rana.

Kafin sa hannu, ya kamata mai saye ya tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar NAICOM, sa'an nan ya nemi abu uku a rubuce: adadin da aka lamunce masa dabam da wanda aka yi hasashe, abin da zai karɓa idan ya janye a shekara ta ɗaya, ta uku da ta biyar, da kuma farashin inshorar wa'adi zalla mai biyan magada adadi iri ɗaya. Idan ya cire wannan farashi daga kuɗin da aka nemi ya riƙa zubawa, zai ga ainihin abin da yake ajiyewa, ya kuma iya auna ribarsa da ta sauran wurare.