Shin Ko Kun San Maƙoƙo Na Bin Haɗiya?

Shin ko kun san kurɓin ruwa ɗaya na iya tona asirin kumburin wuya? Ku tsaya gaban madubi, ku ɗan ɗaga haɓa, ku haɗiye. In kumburin ya hau sama ya sauko, to da alama maƙoƙo ne. Kaluluwa ba ta yin haka, tana nan inda take!

Me ya sa yake hawa? Ƙasan zakaran wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na ce mata tayirod. Manne take da maƙogwaro, duk inda ya je sai ta bi shi. Nauyinta? Wajen giram 20 kacal. Amma in ta kumbura, akan ciro wadda ta haura kilo guda. Kun ji fa!

Abin da ya fi kumbura ta a duniya ƙarancin aidin ne. Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 a rana. Ku tara na tsawon rai gaba ɗaya, bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba! Saboda wannan ɗan mitsitsin Najeriya ta wajabta zuba aidin a gishiri a 1993. Mata maƙoƙo ya fi kamawa, nesa ba kusa ba.

To ga inda abin yake. Wuya ba shi da fili. Bututun iska na bayan tsokar, na abinci na bayansa. In maƙoƙo ya danne na abinci, lomar tuwo ko ƙwayar magani sai ta riƙa tsayawa. In ya danne na iska, sai tari mara majina, sai shaƙewa in an kwanta rigingine, wani lokaci har numfashi ya riƙa fito.

Wani maƙoƙon ma ƙasa yake yi! Yakan gangara bayan ƙashin ƙirji, a waje ba a ganin abin kirki, mutum kuwa na haki. Likita kan ce a ɗaga hannu biyu sama na minti ɗaya. In fuska ta cika, jijiyoyin wuya suka tashi, ya toshe hanyar jini ke nan.

Murya fa? Jijiyar da ke motsa ta ta bayan tayirod take wucewa. Yawancin maƙoƙo ba daji ba ne, amma dishewar da ta ƙi tafiya, ko ƙullutu mai tauri da ya girma cikin makonni, ko wanda ya daina bin haɗiya, wannan na asibiti ne ba jira. A can akan yi gwajin jini, hoton wuya, wani lokaci a zuƙo samfur da siririyar allura.

Don Allah ku gaya wa na gida: kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ba mugunya ce a ciki ba. Tsoka ce da manyan hanyoyin jini huɗu ke shayarwa, kuma in jini ya taru a wurin, yana iya toshe numfashi nan take.