Kano, Legas da Sanduna Biyu: Yadda Ake Zana Alƙaluma Ba Tare da An Ruɗi Mai Karatu Ba

Sakamakon ƙarshe na ƙidayar jama'a da aka yi a Najeriya a watan Maris na 2006 ya ba jihar Kano mutum 9,401,288, ya ba jihar Legas 9,113,605. Tazarar da ke tsakaninsu mutum 287,683 ce, wato kusan kashi 3 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma biyu sun sha jawo gardama a majalisun hira da shafukan jaridu, kuma duk marubucin da ya tashi yin bayani a kansu zai so ya haɗa da zane, domin ido ya fi saurin kama tsawon sanda fiye da lamba mai harafi bakwai. To amma zanen nan kan iya faɗin abin da alƙaluman ba su faɗa ba, ko da mai zanen bai sauya lamba ɗaya ba.

A ce an zana sanduna biyu a tsaye, ma'aunin da ke gefe ya fara daga sifili. Idan sandar Kano ta kai santimita 10, ta Legas za ta kai kusan 9.7. Mai kallo zai ce jihohin nan kusan kai ɗaya suke, kuma abin da ƙidayar ta nuna ke nan. Yanzu a ce ma'aunin ya fara daga miliyan 9. Abin da zai rage wa Kano a sama da wannan layi shi ne 401,288, na Legas kuwa 113,605. Sandar Kano tana nan a santimita 10, ta Legas ta koma ƙasa da 3. Wanda ya kalli hoton a wayarsa ya wuce zai tafi da cewa Kano ta ninka Legas sau uku da rabi.

Sau da yawa ba da gangan ake yin haka ba. Manhajar Excel, idan ta ga alƙaluma sun yi kusa da juna, takan datse ma'aunin da kanta don bambancin ya fito. Gyaran ba shi da wuya: a danna kan lambobin gefen, a buɗe `Format Axis`, a ƙarƙashin `Bounds` a sa `Minimum` ya zama 0. Dalilin da ya sa wannan ya zama dole ga zanen sanda shi ne tsawon sandar ne ke ɗauke da saƙon. Da zarar an yanke mata gindi, tsawon ya daina dacewa da adadin. Hanyar gane irin wannan zane a aikin wani ita ce a dubi lamba ta ƙasa a gefen hagu kafin a dubi komai. Idan ba sifili ba ce, ko kuma babu lambobin gefen kwata-kwata, to a nemi ainihin alƙaluman kafin a yarda da abin da ido ya gani.

Kafin ma a kai ga batun ma'auni, sai an zaɓi irin zanen, kuma tambayar da marubuci ke son amsawa ce ke yin zaɓin. Idan tambayar ita ce wa ya fi wa, sanda ce amsa. Idan kuwa yadda abu ya sauya cikin shekaru ake son nunawa, layi ne. Wannan rabo tsoho ne. William Playfair, ɗan ƙasar Sukotlan, ya cika littafinsa na 1786 da zanen layi a kan cinikin Ingila shekara bayan shekara. Da ya zo kan Sukotlan, alƙaluman shekara ɗaya kawai ya samu na cinikinta da ƙasashe daban-daban, babu abin da layi zai bi, sai ya jera sanduna. Shi ne kuma ya fito da zanen da'ira mai yanka-yanka a 1801.

Da'irar nan tana da farin jini, amma ni ina ganin ta fi kowane zane ɓata wa masu rubutu aiki. Mu ɗauki jihohi bakwai na Arewa maso Yamma a ƙidayar 2006: Kano miliyan 9.40, Kaduna 6.11, Katsina 5.80, Jigawa 4.36, Sakkwato 3.70, Zamfara 3.28, Kebbi 3.26. A cikin da'ira, yankin Zamfara da na Kebbi babu idon da zai bambanta su, Kaduna da Katsina ma sai an ƙura. Ga launi bakwai, ga akwatin bayanin launuka a gefe da mai karatu zai riƙa komawa gare shi yana dawowa. A kwantar da sanduna bakwai, a jera su daga babba zuwa ƙarama, sunan kowace jiha a hagu, adadinta a bakin sandar. Nan take jeri ya fito, kuma an ga cewa Kano ta yi wa sauran nisa. Launi ɗaya ya isa. Idan rubutun a kan Katsina yake, a ba sandarta launi mai ƙarfi, sauran su zauna da ruwan toka. A kuma guji dogara ga ja da kore wajen bambancewa, domin akwai mutanen da idonsu ba ya raba su, kuma idan aka buga a baƙi da fari su biyun sukan koma kama ɗaya.

Wani lokaci ma ba a bukatar zanen. Ƙidayar ta ce maza 71,345,488, mata 69,086,302. Jimla ɗaya ta gama da wannan.

Layi yana da tasa matsalar. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya kimanin miliyan 55.7, ta 1991 kimanin miliyan 89, ta 2006 kuma miliyan 140.4. An yi wata a 1973 amma aka soke sakamakonta. Tsakanin ta farko da ta biyu shekara 28 ne, tsakanin ta biyu da ta uku shekara 15. Idan manhaja ta ɗauki shekarun a matsayin sunaye kawai, za ta jera su da tazara ɗaya, sai hawan da aka yi bayan 1991 ya fito a kwance fiye da yadda yake. Tazarar da ke kan takarda sai ta bi tazarar shekarun. A kuma sa ɗigo a kan kowace shekarar ƙidaya, don mai karatu ya san wurare uku kaɗai aka ƙirga, abin da ke tsakani layi ne kawai ya haɗa.

Sai rubutun da ke jikin zanen. Take irin "Yawan jama'a" bai faɗi komai ba. Na ina, na yaushe? Take mai amfani shi ne wanda ya faɗi abin da zanen ya nuna: "Kano ce ta fi yawan jama'a a Arewa maso Yamma". A ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe: "Adadin mutane a miliyoyi, ƙidayar 2006". Layin nan na biyu shi ke ɗauke da ma'auni da shekara, kuma shekarar ita ce aka fi mantawa. Najeriya ta shirya wata ƙidayar a 2023 aka ɗage ta, saboda haka adadin da ake yawo da shi na shekarun bayan 2006 hasashe ne da aka gina a kan lissafin yadda jama'a ke ƙaruwa. Wanda ya ɗora hasashen wata jiha na 2022 kusa da ƙidayar wata jihar ta 2006 ya gwada abubuwa biyu da ba su da haɗi. Idan hasashe ne, a rubuta "hasashe" a fili. A zanen layi, a mai da wannan ɓangaren ɗigo-ɗigo.

Akwai kuma abin da sai an faɗa a ɗan bayani a ƙasa. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, an cire Jigawa daga Kano a 1991. Duk zanen da ya bi "Kano" ko "Kaduna" ta tsawon shekarun da suka ratsa waɗannan lokuta yana magana ne a kan ƙasa mai iyaka biyu daban, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya sani. A zanen Kano da Legas kuwa, adalci ne a ƙara layi ɗaya: gwamnatin jihar Legas ta ƙi amincewa da adadin da aka ba ta, ta ce nata ƙirgen ya haura miliyan 17. Mai zanen ba alƙali ba ne a wannan shari'a, amma ɓoye cewa akwai ta zai sa zanen ya yi kamar magana ce da aka gama.

Game da faɗin inda aka samo alƙaluma, ɗaliban hadisi sun san darajar isnadi: ba a karɓar magana sai an ji daga wa aka ji ta, shi kuma daga wa. "Majiya: Intanet" ba isnadi ba ne, haka "Majiya: Google", domin Google bai ƙirga kowa ba. Wadda ta yi ƙirgen ita ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ita ya kamata a ambata. Sunanta kaɗai ma bai wadatar ba, saboda ƙidayar 2006 ta fito sau biyu. Sakamakon wucin gadi da aka sanar a farkon 2007 ya ba Kano 9,383,682, Legas 9,013,534. Na ƙarshe, wanda aka buga a gazet ɗin gwamnatin tarayya a 2009, shi ne wanda muka fara da shi. Duka biyun suna nan suna yawo a littattafai da jaridu. Wanda ya tsinci adadin Kano a nan, na Legas a can, yana iya haɗa na ƙarshe da na wucin gadi, sai tazarar ta tashi daga 287,683 zuwa 387,754 ba tare da ya lura ba. Ana gane hakan ta duba jimillar ƙasa a takardar da ake kwafa: 140,003,542 na wucin gadi ne, 140,431,790 na ƙarshe.

Saboda haka layin majiya mai kyau zai kasance kamar haka: "Majiya: Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006 (gazet na 2009)." Idan ba a ga ainihin takardar ba, a wata jarida aka gani, a faɗi haka: hukuma kaza, kamar yadda jarida kaza ta ruwaito. Idan marubuci ne ya yi lissafi da kansa, kamar kashi 3 cikin ɗarin nan na sama, ya rubuta cewa lissafinsa ne daga alƙaluman hukumar, don kada kuskurensa ya hau kanta. Hoton zanen da wani ya yi kuwa aikinsa ne. Ba a ɗauke shi a share sunansa. Ko a nemi izini, ko a koma ga alƙaluman a zana sabo.

Layin majiyar nan a sa shi a cikin hoton kansa, a ƙasa, tare da take da shekara. Hoto yakan rabu da rubutun da aka yi shi dominsa: wani ya ɗauke shi ya tura a WhatsApp, daga nan ya shiga zaure goma, bayanin da ke gefensa bai bi shi ba. Kafin a saki zanen, a tura shi zuwa waya, a miƙa wa wanda bai karanta rubutun ba, a tambaye shi me aka ƙirga, a wace shekara, kuma wa ya ƙirga. Idan sai ya buɗa hoton da yatsu biyu kafin ya iya karanta sunan hukumar, a ƙara girman baƙaƙen a sake gwadawa.