Daga Dandali Zuwa Zube: Yadda Ake Mayar da Wasan Kwaikwayo Labari

A wasan kwaikwayo babu mai ba da labari. Ka buɗe Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma na Muhammad Sada, abin da za ka tarar shi ne sunan ɗan wasa, sai maganarsa, sai ɗan umarni a cikin baka biyu. Kowa da bakinsa yake magana, mai karatu ne alƙali. Ranar da aka ce a mayar da wasan zube, dole a samo wani mutum wanda da babu shi, ya tsaya tsakanin 'yan wasa da mai karatu yana cewa wane ya ce kaza, wance ta amsa da kaza. Wahalar aikin duka daga bakin wannan baƙon take fitowa.

Aikin tsoho ne. A 1807 Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary suka mayar da wasanni ashirin na Shakespeare labarai domin yara a Ingila. Mu nan mun fi sanin akasinsa: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zube ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasa aka buga a 1975. Amma malamin da ya ce wa ɗalibi ya ba da labarin wata fitowa da kalmominsa, da wanda ya dawo daga kallo yana ba matarsa labari, duk wancan aikin suke yi.

Ga wata 'yar fitowa da na tsara domin gwaji:

(Shagon Isa tela. Yana ɗinki. Alhaji Tanko ya shigo ba sallama.)
ALHAJI: Kai Isa, ina kuɗina?
ISA: Ranka ya daɗe, ai jiya na aiki ɗana ya kai maka.
ALHAJI: Haba! Ni ban ga kowa ba. Ka kawo mini su nan gobe, ko ka bar mini shagona.
ISA: (yana duban ƙasa) To, Allah ya kai mu.

Abin da sabon hannu yakan fara rubutawa shi ne: "Alhaji ya ce ina kuɗinsa. Isa ya ce ya aiki ɗansa ya kai masa. Ya ce bai ga kowa ba, ya kawo masa su gobe ko ya bar masa shagonsa." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a nan, amma a karanta wa wanda bai ga wasan ba, a tambaye shi ɗan wa aka aika, kuma shagon na wa ne. Zai yi jim. A wasan akwai "ni" da "kai", su suke raba mutanen biyu. Da aka ruwaito maganar, dukansu sun koma "ya" da "sa", tunda maza ne su biyun. Da mace da namiji ne da abin ya zo da sauƙi, "ya" da "ta" sun raba gardama. Maganinsa abu biyu ne: a maimaita suna ko laƙabi inda zance ya koma hannun wani, a kuma jingina "shi" ga mai maganar, kamar "shi dai bai ga kowa ba", ko "ɗansa, shi Isan".

Ga yadda zan rubuta ta:

"Isa yana cikin ɗinki sai Alhaji Tanko ya faɗo shagon ba ko sallama, ya daka masa kira, ya tambaye shi inda kuɗinsa na haya suke. Tela ya amsa cikin ladabi, ya ce ai tun jiya ya aiki ɗansa ya kai. Alhaji ya ƙi yarda, ya ce shi bai ga kowa ba, ya kuma gindaya masa sharaɗi: ko ya kawo kuɗin nan shagon washegari, ko ya tashi ya ba shi wurinsa. Isa ya sunkuyar da kai, ya ce to, Allah ya kai su."

A duba abin da ya motsa. "Gobe" ta zama "washegari", domin goben Alhaji ba goben mai karatu ba ce. "Jiya" kuwa na bar ta, saboda a ruwayar Hausa tana zama lafiya idan tana manne da "ya ce", kuma "ranar da ta gabaci wannan" nauyi kawai take ƙara wa jimla. "Nan" ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, don babu dandalin da za a nuna da hannu, sai an faɗi wurin. Umarnin "ka kawo" ya zama "ya kawo", tambaya ta rasa alamarta ta koma "ya tambaye shi inda". Lokacin aiki a cikin maganar bai ja baya ba: "na aika" ta zama "ya aika", shi ke nan. Wanda ya koyi wannan darasi a ajin Turanci yakan cusa "da" ko "a lokacin" a kowace jimla don ya nuna abin ya wuce, alhali Hausa ba ta nemi haka ba. Inda lokaci ya canja da gaske shi ne a umarnin cikin baka, wanda ya shiga jerin "sai ya", "suka", irin na mai ba da labari.

Akwai kalmomin da ba sa ruwaituwa. Ba a cewa "ya ce haba", ba a cewa "ya ce ransa ya daɗe" sai in ana son ba'a. Kira, kirari, "af", "ashe", "tir", duk sai dai a duba aikin da suka yi a wurin a faɗe shi. "Kai Isa" tsawa ce, shi ya sa na ce ya daka masa kira. "Ranka ya daɗe" ladabi ne. "Haba" ƙin yarda ce. Wanda ya zubar da su bai maye gurbinsu ba ya mayar da rigima hira.

A nan kuma haɗarin yake, domin mai ruwaya yana iya wuce gona da iri. Shin Isa ya aiki ɗan nasa da gaske? Wasan bai faɗa ba. Marubucin ya ba mu duban ƙasa kawai, wanda zai iya zama kunyar maƙaryaci, zai iya zama haƙurin wanda aka zalunta. Idan na rubuta "Isa ya ce wai ya aiki ɗansa", wannan "wai" ɗin ta riga ta ƙaryata shi. Idan na rubuta "ya tabbatar masa", na wanke shi. "Ya yi iƙirari", "ya fake da cewa", "ya amsa laifinsa", kowacce hukunci ce. Shi ya sa a ganina "ya ce" mara ado ta fi aminci duk inda wasan ya bar abu a rufe, ko da za ta maimaitu. Gara maimaici da a tona abin da marubuci ya ajiye sai fitowa ta biyar. Ko ni a sama na ƙara kalma guda da ba ta cikin fitowar, wato "haya". Wannan ya halatta ne kawai idan wani wuri a wasan ya nuna kuɗin na haya ne, ba bashin yadi ba.

Ba kuma dole ne a ruwaito kowane layi ba. Gaisuwar da ta ci rabin shafi a dandali, "suka gaisa" ta ishe ta. Maganar da ɗan wasa ya yi shi kaɗai sai ta koma "ya ce a ransa". Karin magana kuwa ba a taɓa siffarta, a kawo ta yadda take ko a bar ta.

Idan an gama, a karanta wa wanda bai san wasan ba da babbar murya, a yi masa tambaya uku: wa ya nemi me, wa ya ƙi, kuma wa yake ganin mai gaskiya ne. In ya rikice a biyun farko, wakilan suna ne suka cakuɗe. In kuwa ya amsa ta ukun nan take alhali wasan bai yanke ba, a koma a nemi "wai" ɗin da ta sulale ciki a cire ta.