GASHIN TSUNTSU: YADDA AKA GINA SHI DA AIKIN KOWANE IRI

Duk cikin halittun da ke raye a duniya, tsuntsu kaɗai ke da irin gashin da muke gani a jikin kaza ko zabo ko tattabara. Da yawa daga cikinmu mun sha figar kaza, amma ba lalle ne mun tsaya mun lura cewa gashin iri-iri ba ne. Akwai dogaye masu ƙarfi a fiffike da wutsiya, akwai gajeru da suka lulluɓe jiki, sa'an nan a ƙarƙashinsu akwai wasu masu laushi kamar auduga. Dukansu da abu ɗaya aka yi su, wato keratin, dangin abin da ke cikin farcenmu da ƙahon saniya. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin karan tsakiya, da kuma ko zaren gashin ya sarƙe da juna ko bai sarƙe ba.

Bari mu ɗauki dogon gashi ɗaya daga fiffiken tattabara mu duba. A tsakiyarsa akwai kara. Gindin karan, wanda ke shiga cikin fata, rami ne a cikinsa, shi ya sa mutanen dā a Turai suke fere shi su yi alƙalami. Sauran karan kuwa cike yake da wani abu mai kama da soso, saboda haka yana da ƙarfi amma ba nauyi. Daga dama da hagun karan, ɗaruruwan zare sun fito a jere kamar ganyen dabino. In muka sa madubin ƙara girma, za mu ga kowane zare shi ma yana da nasa ƙananan rassa a gefe biyu. Rassan da ke fuskantar tsinin gashin suna da 'yan ƙugiyoyi, waɗanda ke fuskantar gindi kuwa suna da lanƙwasasshen baki. Ƙugiyoyin wannan zare sai su kama bakin rassan zaren da ke kusa da shi, haka har ƙarshe, sai gashin ya zama shafi guda.

Kowa na iya gwada wannan. Mu ja gefen gashin a hankali, za mu ji yana turjewa kafin ya tsage. In muka shafa wurin da yatsu biyu daga kara zuwa baki, sai ya sāke haɗewa kamar zif ɗin riga. Wannan ne aikin da tsuntsu yake yi sa'ad da muka gan shi yana jan gashinsa ɗaya-ɗaya ta cikin baki.

To, gashin tashi shi ne wanda wannan sarƙa ta fi ƙarfi a jikinsa. Tattabara tana da manya guda 10 a ƙarshen kowane fiffike, waɗanda ke manne da ƙasusuwan hannunta, su ne ke tura ta gaba. Na bayansu, waɗanda ke manne da ƙashin damtsen gaba, su ne suka fi ɗaukar nauyinta a iska. A wutsiya kuma tana da 12, da su take juyawa da rage gudu in za ta sauka. Idan muka lura da ɗaya daga cikin goman nan, karan ba a tsakiya yake sosai ba: gefen da ke fuskantar iska siriri ne mai tauri, ɗayan kuwa mai faɗi. Lokacin da fiffike ya bugo ƙasa, gasusuwan sukan danne juna su toshe iska. Da ya koma sama, sai kowanne ya ɗan murɗa, iska ta wuce ta tsakaninsu. Da ƙugiyoyin nan ba su nan, da iska ta bi ta cikin gashin kamar ruwa a rariya. Jimina shaida ce: gashinta ba shi da ƙugiya, shi ya sa yake wargaje, ita kuma ba ta tashi.

Lallausan gashin ciki kishiyar wannan ne. Karansa gajere ne ƙwarai, wani ma kusan babu, zarensa dogaye ne masu laushi, kuma ba ƙugiya. Maimakon su haɗu su zama shafi, sai su cukuikuye su riƙe iska a tsakaninsu. Iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗauke zafi, tsuntsu kuwa yana bukatar riƙe zafin jikinsa wajen digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Salsiyos, sama da namu 37. Shi ya sa da sanyin asuba a lokacin hunturu muke ganin kaji sun kumbura. Suna ɗaga gashinsu ne don iskar da ke ciki ta ƙaru.

Amma wannan gashi yana da rauni guda: da ya jiƙe sai ya manne, iskar ta fice, amfaninsa ya ƙare. A nan ne gashin rufi ya shigo. Shi rabi da rabi ne: gindinsa lallausa, tsininsa kuwa sarƙaƙƙe. Kowanne yana kwance a kan na bayansa kamar jinkar ɗaki, daga kai zuwa wutsiya. Ta haka ruwa yakan zurare, iska ta wuce sumul, kuma shi ke ɗauke da launin tsuntsu, kamar ɗige-ɗigen zabo. Yawancin tsuntsaye suna da wani ƙullutu a gindin wutsiya mai fitar da mai, suna lakatowa da baki su shafe gashin don kada ya bushe ya karye.

Wannan bayani yana da amfani ga mai kiwo. Ɗan tsako da lallausan gashi kaɗai yake fitowa daga ƙwai, ba ya samun cikakken gashin rufi sai ya yi kamar mako biyar zuwa shida. Ruwan saman da uwarsa za ta karkaɗe ta wuce, shi yana iya kashe shi da sanyi. Saboda haka a ajiye 'yan tsaki a busasshen wuri mai ɗumi har gashinsu ya cika.

Haka nan idan zabo ko kaza ta dame mu da haura katanga, ba sai an fige ta ba. A buɗe fiffike ɗaya kawai, a datse kamar rabin manyan gasusuwan ƙarshe da almakashi. Fiffike ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ke nan, sai ta kāsa tashi sosai. Gashin da ya gama girma matacce ne kamar farce, ba ta jin zafi. Sai dai a duba gindin karan tukuna. In fari ne garau, a yanka. In kuwa yana da duhu kuma yana cikin kube, sabon gashi ne mai jini a ciki, yanka shi zai sa ta zubar da jini.

A tuna kuma cewa datsewar ba ta dindindin ba ce. Gashi ba ya gyara kansa in ya lalace, sai dai tsuntsu ya zubar da shi ya fitar da sabo, galibi sau ɗaya a shekara. Tattabara takan zubar da manyan nata ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje, a fikafikan biyu tare, don kada tashi ya gagare ta. Sabon gashi yakan nuna halin da tsuntsu ya shiga: in yunwa ko ciwo ya same shi lokacin da gashin ke tsirowa, sai mu ga wasu siraran layuka sun gitta shafin, kuma a nan yake saurin karyewa. Mai kiwon da ya ga irin wannan layi a jikin kajinsa, sai ya binciki abincinsu da lafiyarsu.