Tambaya a Layin Farko: Yadda Ake Gyara Takardar Tura Majinyaci

Likitan da ke tace takardun da suka iso babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba ya samun sukunin karanta kowace daga farko har ƙarshe. Daga layukan farko yake yanke hukuncin wanda za a gani a makon nan da wanda zai jira.

A ɗauki misalin dattijo mai shekara 58. Takardarsa ta buɗe da cewa ya shekara 10 da hawan jini, an taɓa yi masa aikin ƙaba, kuma yana shan maganin ciwon suga. Sai a sakin layi na huɗu aka ambaci abin da ya kawo shi: wata 3 ke nan abinci yana tsaya masa a ƙirji, nauyinsa ya sauka daga kilo 68 zuwa 60. Likitan ya bi tarihi ne yadda ya faru, amma mai karatu cikin gaggawa zai iya ɗauka cewa maganar hawan jini ce.

Gyaran shi ne a ɗauko wancan sakin layin a kai shi sama, a mai da shi buƙata: a duba dattijon da gaggawa, a zura masa na'urar leƙa maƙoshi, domin ana zargin sankara. A Ingila ma, wahalar haɗiya tana cikin alamomin da ake tura majinyaci da gaggawa saboda su.

Daga nan sai hujja ta biyo baya. Da farko tuwo da nama ne suka gagara, yanzu har koko da ƙyar yake wucewa. Wannan bayanin yana da nauyi, domin matsalar da ta fara da abinci mai tauri ta gangaro zuwa mai ruwa tana nuna cewa hanyar abinci ce ke ƙara tsukewa. Sai a faɗi abin da gwajin jini ya nuna, da maganin olsa da aka ba shi na mako 4 bai yi aiki ba.

Tsohon tarihi ya koma ƙasa, amma a tace shi. Aikin ƙaba kalma biyu ta ishe shi. Ciwon suga kuwa dole ya fito fili, tunda sai ya ƙaurace wa abinci na wasu awanni kafin binciken, haka ma duk wani maganin tsinka jini, saboda za a iya gutsuro tsoka don gwaji.

Akwai tarko guda. Idan aka sauya wa sakin layi wuri, jimla irin "bayan wata biyu" ta rasa madogara, don haka gara a rubuta watan da shekarar. Kuma in dattijon ya kai ga ko ruwa ba ya wucewa, takarda kaɗai ba ta isa ba, sai likita ya ɗaga waya, a kai shi sashen gaggawa a ranar.