Haɗe Jerin Kalmomin Babi-Babi Cikin Jeri Guda: Misali Daga Nazarin Kalmomin Aro a Manchok

1.0 Gabatarwa

Manchok ita ce hedkwatar masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna. Harshen mutanenta, Sholio, yana cikin rukunin Tyap tare da Gworok da Takad da Fantswam na Kafanchan, kuma ya daɗe yana cuɗanya da Hausa. Ɗalibin da ya rubuta kundin digiri kan kalmomin da Sholio ya aro daga Hausa yakan ƙare da jerin kalmomi a kowane babi, sannan a buƙaci ya haɗe su cikin rataye guda. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna yadda za a yi haka ba tare da an zubar da wata kalma ko an maimaita ta ba.

2.0 Lamba Kafin Haɗewa

A ɗauka, don misali, cewa babi na 3 (tsarin sauti) yana da kalmomi 120, na 4 (ƙirar kalma) yana da 95, na 5 (ma'ana) kuwa 85. Jimilla 300 ke nan. Kafin a taɓa komai, sai a ba kowace shigarwa lambar da ke nuna asalinta, kamar 3.017, wato kalma ta 17 a babi na 3. Bayan haka ne za a zuba su duka wuri ɗaya, a jera bisa abacada.

Idan shigarwa biyu suka zama ɗaya, ba a goge ta biyun. Ana ɗauko lambarta ne a ajiye kusa da ta farko. Wannan ne dalilin da ya sa umarnin Remove Duplicates na manhajar Excel bai dace da aikin ba, domin yana riƙe layin da ya fara cin karo da shi ne, ya share sauran tare da lambobinsu.

3.0 Mece ce Kalma Ɗaya?

A nan ne ainihin wahalar take. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka gàrii (mazaunin jama'a) da gàarii (na tuwo) duk gari ake rubuta su. Wanda ya dogara da kamannin rubutu zai haɗe su, kalma ɗaya ta salwanta. Haka kuma idan an buga wani babi a na'urar da ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, ƙafa za ta koma kafa, ta faɗa cikin aikatau ɗin da ba ruwanta da shi.

Maimaici kuma ta wata hanya yake shigowa. Babi na 3 zai kawo makaranta, na 4 ya kawo makarantu, alhali shigarwa ɗaya ce. Za a sami 'ya'ya a wani wuri, a wani kuma ƴaƴa irin rubutun Nijar. Mafi ɓoyuwa shi ne wasali mai alama, kamar à, wanda na'ura ke iya adanawa a matsayin harafi ɗaya ko kuma harafi da alama dabam-dabam. Ido ba ya ganin bambancin, amma na'ura tana ƙirga su biyu. A ra'ayin mai wannan maƙala, mafita ita ce a zaɓi ƙamus ɗaya, ko na Bargery (1934) ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), a mayar da kowace kalmar Hausa zuwa sigar tilo da ke cikinsa, a sa mata karin sauti da ma'ana. Sai waɗannan ukun sun dace, kuma sigar Sholio ta dace, kafin a ce shigarwa biyu ɗaya ce. Idan masu ba da bayani biyu a Manchok sun furta kalmar dabam, a rubuta furucin biyu ƙarƙashin shigarwa guda.

4.0 Tantancewa

A ce babban jerin ya fito da shigarwa 241: 192 masu lamba ɗaya, 39 masu lamba biyu, 10 masu lamba uku. Lissafin zai kasance 192 da 78 da 30, wato 300 daidai. In an sami 299, wata ta faɗi, kuma bin lambobin babi ɗaya bayan ɗaya zai nuna giɓin. In an sami 301, an rubuta wata lamba sau biyu.

Sai dai wannan lissafi yana da iyaka. Ko da an haɗe gàrii da gàarii bisa kuskure, jimillar za ta ci gaba da zama 300, tunda lambobin biyu suna nan. Don haka dole a sake bin shigarwa 49 ɗin nan masu lamba fiye da ɗaya, a gwada ma'anar kowace da yadda ta zo a babinta. Wadda ta ƙunshi lamba biyu daga babi guda ita ce ta fi cancantar tuhuma, domin da wuya marubuci ya jera kalma sau biyu a babi ɗaya in ba yana nufin abu biyu ba. Su kuma 192 ɗin, a karanta su da baki, a sake jera su bisa ma'ana, ta yadda alkalami da alƙalami za su faɗo kusa da juna.