Clone Stamp ko Healing Brush: Wanne ya dace da goge rubutu a kan fuska da tufafi masu zane?

Sau da yawa hoton da iyali suka fi ji da shi kan zo da rubutu a jikinsa. Wani na ɗauke da kwanan watan da kyamara ta buga, wani kuma an rubuta masa saƙon taya murna ko na ta'aziyya, sannan asalinsa ya ɓace.

Idan rubutun ya faɗo a kan bango ko sararin sama, goge shi ba ya ɗaukar lokaci. Aikin yakan yi wuya ne idan haruffan suka ratsa fuskar mutum, ko suka hau kan atamfa, leshi ko hula mai zane.

Kayan aiki biyu aka fi dogaro da su a manhajar Photoshop domin wannan gyara, wato Clone Stamp da Healing Brush. A ido sun yi kama, domin a dukkansu mai gyara yana danne Alt, ko Option a kwamfutar Mac, ya nuna wurin da za a ɗebo, sannan ya shafa a kan rubutun. Bambancinsu yana cikin abin da kowannensu ke yi da abin da ya ɗebo.

Yadda kowanne ke aiki

Clone Stamp, wanda ake kira da harafin S, mai kwafa ne kawai. Abin da ya tarar a wurin ɗiba shi yake saukewa a wurin shafa, da launinsa da haskensa da layukansa, ba ya ragewa, ba ya ƙarawa.

Healing Brush, wanda ke ƙarƙashin harafin J, ya shigo ne a Photoshop 7.0 a shekarar 2002, kuma aikinsa kashi biyu ne. Daga wurin ɗiba yana ɗauko yanayin saman abu, kamar ƙananan ramukan fata ko saƙar yadi. Launi da haske kuwa yana karanto su ne daga kewayen wurin da aka shafa, sannan ya gauraya su har iyakar gyaran ta ɓace.

Daga nan ƙarfin kowannensu da rauninsa suka samo asali. Mai kwafa yana riƙe layi da tsarin zane, amma bai damu ba ko launin da ya kawo ya dace da sabon wurin. Mai gaurayawa yana daidaita launi, amma duk abin da ke bakin wurin shafar, fata ne ko gashi ko ragowar harafi, zai jawo launinsa cikin gyaran.

A kan fata

Fuskar mutum ba launi ɗaya ba ce. Goshi yakan fi haske, ƙasan ido da gefen hanci sun fi duhu, kuma sauyin yana tafiya ne sannu a hankali. Idan aka kwafo fatar kunci da Clone Stamp aka ɗora a goshi, sai ta fito kamar facin da aka ɗinka da wani yadi dabam.

Wasu kan rage Opacity su yi ta shafawa domin ɓoye facin. Hakan yana ɗora ramukan fata a kan juna har su shafe, wurin ya yi sumul kamar roba alhali sauran fuskar na da yanayinta.

Saboda haka a tsakiyar kunci, goshi da wuya, inda babu wani layi a kusa, Healing Brush ne ya fi dacewa. Sai dai da an matso kusa da gira, leɓe, gemu ko bakin hula, duhun waɗannan wurare yana malalowa cikin fata, ya bar wani jirwaye kamar an shafa gawayi da yatsa. Wannan jirwayen shi ne alamar cewa an yi amfani da mai gaurayawa a inda ake buƙatar mai kwafa.

A kan zane mai sarƙaƙiya

A jikin atamfa ko hula kube, kusan ko'ina iyaka ce tsakanin launi da launi. Healing Brush yakan narkar da su, ja da shuɗi su haɗu su zama wani launi mai dusu-dusu da babu shi a yadin. Haka ma Spot Healing Brush, wanda ke zaɓar wurin ɗiba da kansa, yakan ɗauko guntun zane ya ajiye inda bai dace ba, layi ya karye a tsakiya.

A nan Clone Stamp ne ke da amfani, domin irin wannan zane yana maimaita kansa. Mai gyara zai nemi inda furen ko layin da rubutu ya rufe ya sake fitowa lafiya, ya ɗebo daga wata alama da ba ta ɓata, misali kusurwar lu'u-lu'u, sannan ya fara shafawa daga irin wannan kusurwar a wurin gyara.

Idan aka kunna Aligned, tazarar da ke tsakanin wurin ɗiba da wurin shafa ba ta sauyawa ko an ɗaga hannu, don haka zanen yana ci gaba da hawa kan layinsa. Opacity kuma a bar shi a 100%, domin duk abin da ya gaza haka yana barin inuwar harafin a ƙasa.

Matsalar ita ce yadi a jikin mutum yana lanƙwasa, hula kuma tana zagaye kai. Allon Clone Source yana ba da damar juya abin da aka ɗebo da 'yan digiri ko rage girmansa, kuma Show Overlay yana nuna yadda zai zauna kafin a danna.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki hoton wani dattijo sanye da hula kube da babbar riga mai aiki. An rubuta farin rubutu a karkace, ya fara daga hula, ya ratsa goshi da girar dama da kunci, ya ƙare a kan aikin rigar. A ce kaurin layin haruffan fiksel 12 ne.

Matakin farko shi ne buɗe sabon Layer wanda babu komai a cikinsa, a saita Sample a kan Current & Below. Ta haka duk gyaran zai zauna a sama, asalin hoton bai taɓu ba, kuma ana iya goge kuskure a kowane lokaci.

Buroshin ya ɗan fi harafin faɗi, kamar fiksel 16 zuwa 18. Dalili kuwa shi ne hotunan JPEG kan bar ɗan dabbare a kewayen haruffa, wani rubutun kuma yana da inuwa. Idan ba a rufe su ba, siffar harafin za ta ci gaba da bayyana ko bayan farin ya tafi.

Daga nan sai a fara da iyakoki. Da Clone Stamp, a Hardness na kusan 50%, a ɗebo daga bakin hula inda yake lafiya, a ɗora tsakiyar buroshin daidai kan layin, a maido da shi a inda harafi ya yanke shi. Haka za a yi wa gira, ana ɗiba daga gashin da ke kusa ana bin inda ya kwanta, sannan layin muƙamuƙi da wuyan riga.

Bayan wannan mataki, rubutun da ya rage a fuska ya zama gutsattsari, kowanne fata ta kewaye shi. Yanzu ne lokacin Healing Brush. A ɗebo daga fatar da ke kusa, a rufe guntu ɗaya gaba ɗayansa a shafa guda, domin idan aka tsaya a tsakiyar harafi, farin da ya rage zai malalo cikin gyaran. A riƙa sauya wurin ɗiba bayan shafa biyu ko uku.

Idan guntun ya matse da gira sosai, ana iya zagaye fatar kaɗai da Lasso kafin a shafa, domin zaɓin yana taimakawa wajen hana duhun gashin shigowa. Dole kuma a kula da tsage, tabon salla da layukan tsufa. Waɗannan kamannin mutum ne, kuma mai gaurayawa yana shafe su kamar yadda yake shafe rubutu. Idan harafi ya ratsa tsage, da Clone Stamp ake haɗa shi.

Hula da aikin riga su ne na ƙarshe, da Clone Stamp a Hardness na 70% ko fiye, domin buroshi mai laushi yana dusashe zaren. Idan bayan an gama aka ga wani wuri ya fi kewayensa haske, sai a taɓa bakin facin kaɗan da ƙaramin Healing Brush a inda launi ɗaya ne.

Yadda ake gane gyaran da ya lalace

A duba aikin a girman 100%, sannan a rage shi zuwa yadda za a gan shi a waya. Ana kuma iya ɗora Curves na wucin gadi a saman komai, a tsananta bambancin haske da duhu. Faci da jirwaye za su fito fili.

Babban abin da ke tona asirin Clone Stamp shi ne maimaici, wato tabo ɗaya ko zare ɗaya ya bayyana sau biyu ko uku a jere. Irin wannan maimaici ne aka gani a hayaƙin wani hoton birnin Beirut a shekarar 2006, lamarin da ya sa kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotunan wanda ya ɗauke shi.

Inda kayan biyu suka gaza

Babu ɗayansu da ke iya dawo da abin da rubutu ya rufe; dukkansu aro suke yi daga wani sashe na hoton. Idan harafi ya rufe ido gaba ɗaya, ana iya kwafo ɗaya idon a juya shi, amma ƙyallin haske zai koma ɓangaren da bai dace ba, kuma da wuya idanun mutum su zama iri ɗaya sak. Abin da zai fito yana iya zama fuskar da iyalinsa ba za su amince da ita ba. A irin wannan hali, neman wani kwafin hoton ya fi.

Akwai kuma iyakar doka da ta sana'a. Tambarin mai ɗaukar hoto shaida ce ta mallaka, kuma hotuna na cikin ayyukan da Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ke karewa, don haka goge shi yana buƙatar izinin mai shi. A aikin jarida kuwa, manyan kamfanonin dillancin labarai sun haramta ƙara ko cire wani abu daga hoton labari, komai ƙanƙantarsa.